Mantuwar da ba ta tsufa ba ce: yadda wani gida a Agege ya gane ciwon mahaifinsu

A wani gida da na sani a Agege akwai dattawa biyu da suka yi kusan shekara 50 suna zaman tabarma ɗaya. Ɗaya shi ne maigidan, wanda kowa ke ce wa Baba, tsohon ɗan kasuwar goro mai shekara 74. Ɗayan amininsa ne, ya girme shi da wajen shekara shida, tare suka sauka Legas daga Kano suna samari. Dukansu suna mantuwa. Ɗaya lafiyarsa ƙalau, ɗaya kuwa yana da cuta a ƙwaƙwalwa, kuma sai da iyalin suka shafe fiye da shekara kafin su yarda cewa mantuwar mutanen biyu ba iri ɗaya ba ce.

Abin da ya ruɗe su shi ne, in ana maganar yawan mantuwa, sai ka rantse aminin ya fi Baba. Zai kira sunan jikoki uku kafin ya faɗo kan wanda yake nufi. Zai shiga ɗaki ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo shi. Kullum yana cigiyar tabarau ko carbi, kuma da bakinsa yake cewa, "Kai, ƙwaƙwalwar nan ta gaji." Amma in ka ce masa, "Alhaji, jiya ai ɗan ƙanenka ya zo," nan take zai amsa, "Af, haka ne, har ya ce matarsa ta sauka." Ya karɓi bakin zaren da ka miƙa masa, ya jawo sauran da kansa. Shi ke riƙe da kuɗinsa, shi ke ƙirga maganinsa, yana hawa ƙaramar mota zuwa Idi-Araba gaisuwa ya dawo ba rakiya.

Baba ba ya ƙorafin mantuwa sam. In an ce masa ya manta wani abu, sai ransa ya ɓaci. Wata safiya ya tambayi babban ɗansa ko motar goro ta iso daga Shagamu. Aka ce ta iso, an sauke. Ba a yi minti goma ba ya sake tambaya da irin muryar farko, ba alamar ya taɓa jin amsa. Da ɗan ya ce, "Baba, yanzu fa na gaya maka, har ka tambayi huhu nawa ne," sai Baba ya dube shi ya ce, "Ni? Yaushe?" Tunin bai dawo masa da komai ba.

Bambancin farko ke nan, kuma ya fi kowanne muhimmanci. Ɗan kasuwa zai fi saurin gane shi da littafin bashi. A mantuwar tsufa an rubuta bashin, hannu ne ya yi nauyi wajen buɗo shafin, in aka ɗan jira ko aka nuna wurin sai a gan shi. A cutar da ta kama Baba ba a rubuta ba tun farko, don haka ko an kwana ana buɗe littafi ba za a samu ba. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen saitin kunnuwa, akwai wani ɗan sashe dama da hagu da aikinsa shi ne karɓar abin da ya faru yanzu ya ajiye shi. Cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayaninta a 1906, galibi daga wannan yanki take fara kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Abin da aka ajiye shekara 40 da suka wuce ya riga ya bazu zuwa wasu sassa, shi ya sa yake daɗewa bai taɓu ba.

Wannan ne ya fi yaudarar iyalin. Duk sa'ad da 'yarsa, wadda ke aure a Mushin, ta kawo maganar asibiti, sai yayanta ya ce, "Mutumin da zai lissafa miki tashoshin jirgin ƙasa daga Kano har Iddo, ya gaya miki nawa ake sayar da ƙwaryar goro zamanin Gowon, shi ne za a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu?" Maganarsa gaskiya ce, Baba yana iya duk wannan. Sai dai ƙarfin tsohon tunani ba shaidar lafiya ba ne. Dattijon da ke ba da labarin 1975 tiryan-tiryan amma bai san ya karya kumallo yau ba, wannan haɗin shi kansa alama ce.

Bambanci na biyu a rumfa ya bayyana, tun kafin a gida a lura. Mutumin da ya yi rayuwarsa a goro, hannunsa kaɗai ke ware marsa daga minu, yana ɗaga ƙwaya ya san sankara ta shige ta. Wannan ƙwarewar hannu ba ta bar Baba ba. Lissafi ne ya fara zamewa. Ya biya wani dillali la'ada sau biyu. Ya yanka wa wani mai saye farashin da aka bari shekaru da dama baya, yaron rumfa ne ya yi wuf ya gyara. Ya fara ƙirga ƙwarya, ya kai sittin da wani abu, wani ya yi sallama, sai ya rasa inda yake, ya koma farko, ya sake rasawa. Yaran rumfa sun ga duk wannan, suka riƙa rufa masa asiri don girmamawa, ba wanda ya kai maganar gida sai da kuɗi suka ƙi cika.

Likitoci a nan suke ja layi. Ba sa tambayar sau nawa mutum ya manta. Suna tambaya ko raguwar tunaninsa ta kai ga hana shi abin da ya saba yi da kansa: riƙe kuɗi, shan magani kan ƙa'ida, zuwa wurin da ya sani, gudanar da sana'arsa. Kuma da shi kansa na baya ake gwada shi, ba da wani ba. Wanda bai taɓa iya lissafi ba, rashin iyawarsa yau ba labari ba ne. Wanda ya yi shekara 50 yana haɗa kuɗin huhu talatin a ka, yau ya kasa ba da canjin dubu biyar, wannan labari ne. Sannan ana duba tafiyar abin: yana ƙaruwa ne wata bayan wata? Aminin Baba yadda yake bara haka yake bana. Baba kuwa, tsakanin wannan azumi da wancan, kowa ya ga an samu canji.

Akwai kuma waɗanda ke tsakiya, ya kamata a faɗa. Mutum tunaninsa ya ragu fiye da na sa'o'insa, gwaji ma ya nuna, amma har yanzu yana tafiyar da al'amuransa. Wasu daga cikin irin waɗannan suna gangarawa cikin cutar bayan 'yan shekaru, wasu suna tsayawa a nan, wasu ma suna farfaɗowa in an gano abin da ya jawo. Don haka layin ba a rana ɗaya ake ganinsa ba, sai an bi mutum.

Abin da ya fi ƙona ran gidan ba mantuwar ba ce, zargi ne. Baba ya fara ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, cikin hula, har cikin buhun shinkafa. In ya nema bai gani ba, sai ya ce an sace, kuma wadda ya fi nunawa ita ce matar babban ɗansa, wadda ke kai masa abinci da share ɗakinsa. Yarinyar ta yi kuka har ta fara haɗa kayanta. Wasu dangi suka ce tsufa ne ya fito da halinsa, wasu suka ce an shiga tsakani ne da asiri. Ni a ganina wannan ne wurin da rashin sanin cutar ya fi yin ɓarna, domin yana raba zumunci a kan laifin da ba wanda ya yi. In ka tsaya a inda Baba yake, zarginsa yana da kan gado. Ya san yana da kuɗi. Ba shi da ko ɗigon tunanin ya matsar da su. Ba sa inda ya saba ajiyewa. To me ya rage, in ba wani ya ɗauka ba? Kuma wa ke shiga ɗakin? Shi ya sa mai hidima ta kusa ita ce kullum ke shan zargi. Mai mantuwar tsufa in ya rasa abu cewa yake, "Ina na ajiye?" sai ya bi sawun kansa. Baba ba shi da sawun da zai bi.

Hajiya, uwargidansa, ta riga kowa a gidan sanin akwai matsala, amma ta yi shiru. Ta ga yana idar da sallar la'asar ya sake tashi ya kabbara, ta ga ya yi alwala ya tsallake wanke fuska. Ta ga mutumin da ke ciniki da Yarbanci kamar ɗan gari ya fara amsa wa maƙwabta Yarbawa da Hausa. Wannan ma sananne ne: harshen da aka koya da girma yakan riga na nono zubewa. Da aka tambaye ta daga baya me ya hana ta magana, cewa ta yi, "In na faɗa, cewa za a yi mijina ya haukace."

Gardamar ta ƙare ne ranar da ya fita sallar magariba a masallacin da ke ƙarshen layinsu, bai dawo ba. Sai bayan isha'i wani mai shayi da ya san shi ya gan shi ta wajen Oko-Oba yana tafiya da sauri, ya ce masa zai je gida ne Inna na jiransa. Mahaifiyarsa ta rasu fiye da shekara 30. Ɓata a unguwar da mutum bai sani ba kowa na iya yi, balle a Legas. Ɓata a layin da mutum ya yi rabin rayuwarsa yana bi, wannan ba ya cikin tsufa. Kuma a garin nan hatsarin ya wuce mota da layin dogo da kwata. Dattijon da aka tsinta cikin dare yana sambatu da harshen da masu wurin ba sa ji, bai iya faɗin inda ya fito ba, ana iya yi masa mummunar fassara kafin a tausaya masa.

Masu cewa ai kowa ya tsufa haka zai zama, akwai amsarsu a ƙasar nan. Tun 1992 likitocin Ibadan da takwarorinsu na Indianapolis a Amurka suka fara bin dattawa masu shekara 65 zuwa sama gida-gida. A zagayen farko, cikin dattawan Ibadan, waɗanda aka samu da cutar mantuwa, kowane nau'inta, ba su wuce biyu da ɗan wani abu cikin ɗari ba. Gaskiya ne hatsarin yana hawa da shekaru, yana kusan ninkawa duk bayan shekara biyar daga 65. Amma mafi yawan tsofaffi suna komawa ga Allah da hankalinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar mantuwa, duk nau'o'inta, sun haura miliyan 55 a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Alƙur'ani ma, a Suratun Nahli aya ta 70, da ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, cewa ya yi daga cikinku akwai wanda. Bai ce dukanku ba.

A Legas akwai inda ake duba irin wannan: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Sunan Yaba kaɗai ya isa ya sa gida da yawa su fasa, shi ya sa yake da kyau a san cewa likitan jijiyoyi ko likitan tsofaffi ma aikinsu ne, kuma ana iya farawa daga babban asibiti na kusa a karɓi takardar turawa. Iyalin Baba sun kai shi ne da sunan duba hawan jini, wanda dama yana da shi.

Likitar ta fara da 'ya'yan, ba da shi ba. Ta keɓe ɗan da 'yar ta tambaye su yaushe abin ya fara, a hankali ne ko farat ɗaya, me yake yi da da yanzu ba ya iya yi, waɗanne magunguna yake sha har da na kemis da na gargajiya, ya taɓa faɗuwa ya bugu a kai, ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko da na ɗan lokaci ne. Rabin gano cutar a wannan hira yake. Saboda haka wanda za a tura rakiya ya zama wanda ke kwana gida ɗaya da majiyyacin, ba wanda ya fi iya Turanci ba. Da ta juya ga Baba ta ce yaya jiki, ya ce lafiya lau, yaran ne dai suka matsa.

Wajen gwajin ne zaman Legas ya nuna kansa. Likitar ba ta jin Hausa, Baba kuma Yarbancinsa da Turancin burokansa sun yi rauni. Da an gwada shi da harshen da ke zame masa, da sakamakon ya fi gaskiyar muni. Sai 'yar ta yi tafinta, da sharaɗin za ta faɗi tambaya yadda take, ba ƙari, ba ƙyafta ido, ta kuma mayar da amsa yadda ya faɗa ko da ba daidai ba ce. Wannan sharaɗi ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin ɗa ba ya son ganin ubansa ya kasa a gaban baƙo. Haka kuma 'yar ta gaya wa likitar cewa Baba allo ya yi ba boko ba, da watan Musulunci yake ƙirga kwana. Yawancin gwaje-gwajen nan an tsara su ne don masu karatun boko, in ba a gyara ba sai a yi wa lafiyayye tambarin cuta don kawai bai saba riƙe biro ba.

An ba shi kalmomi uku ya maimaita, ya maimaita su daidai. Aka ce ya riƙe, za a tambaye shi. Aka ɗauke hankalinsa da wasu tambayoyi na 'yan mintuna. Da aka dawo, ko ɗaya bai kawo ba. Aka ba shi haske, aka ce ɗaya daga ciki dabba ce, bai samo ba. Aka jera masa uku ya zaɓa, ya zaɓi wadda ba ta ciki. Ya ma ce ba a ba shi wasu kalmomi ba. Aka ce ya lissafa dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti ɗaya, ya kawo shida, akuya ta fito sau biyu. A madadin zane da biro, likitar ta jera tsinken ashana huɗu cikin wata siffa ta ce ya kwaikwaya, hanyar da aka tsara musamman don dattawan da ba su yi boko ba, aka kuma gwada ta a Najeriya. Ya yi na farko, na gaba ya juya masa. Watan Musulunci ma bai faɗa daidai ba, ya ce ana gab da babbar salla alhali ta wuce da wata biyu.

Duk da haka ba ta yanke hukunci ranar ba, kuma ta yi daidai. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan cuta waɗanda ake iya magancewa, ganganci ne a ce wa mutum yana da cutar da ba ta warkewa ba tare da an kore su ba. Ƙarancin bitamin B12 na cikinsu, musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metfomin. Akwai raunin ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Akwai jinin da ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan faɗuwar da kowa ya manta. Akwai magungunan barci da na mura masu sa gyangyaɗi. Akwai baƙin ciki mai tsanani, wanda mai shi yakan yi ta kukan ya manta komai yana amsa tambaya da "ban sani ba", saɓanin Baba da ke ba da amsa da ƙarfin gwiwa ko da kuskure ce. Har kurumta: wanda bai ji magana ba, ba zai tuna ta ba. An ɗebi jini, an duba fitsari, an yi hoton ƙwaƙwalwa.

Jinin bai nuna komai ba. Hoton ya nuna ƙwaƙwalwar ta motse, musamman yankin ajiyar nan, ga kuma tabon ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini ya lalata cikin shekarun da Baba ke shan magani sai ya ji ciwon kai. Likitar ta ce mafi kusa shi ne Alzheimer haɗe da lalacewar jijiyoyin jini, haɗin da ake yawan gani. Ta ƙara da cewa hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar, domin ƙwaƙwalwar tsoho lafiyayye ma tana ɗan motsewa, labarin gida da gwaji ne ke ba hoton ma'ana. Nau'in jijiyoyin jini in shi kaɗai ne yakan zo daban: mutum ya yi sanyin tunani da rashin tsari, ya riƙa sauka mataki-mataki, kuma tuni yana iya taimaka masa. Don haka wanda tuni ke yi wa amfani bai kuɓuta kai tsaye ba, in dai ayyukansa na yau da kullum suna lalacewa.

Ɗan ya tambaya, "To maganin fa?" Aka gaya masa gaskiya: babu wanda ke warkarwa. An ɗora shi kan donefezil, miligiram 5 kullum, in jiki ya karɓa bayan wata ɗaya ko fiye a kai 10, ana duba bugun zuciya domin yana iya rage shi, yana kuma iya kawo tashin zuciya da gudawa da rashin cin abinci. Amfaninsa matsakaici ne, wasu su ɗan daidaita na wani lokaci, wasu ba a ganin komai. Abin da likitar ta fi nanatawa shi ne maganin hawan jini kullum ba fashi, a hannun mutum ɗaya, domin kowace jijiya da ta sake toshewa tana tafiya da abin da ba ya dawowa. Ta kuma hana a saya masa maganin barci a kemis. Magunguna masu ƙarfi da ake ba masu taɓin hankali ma suna ƙara wa irin su Baba hatsarin shanyewar jiki, ba a ba su sai da dalili babba kuma a ƙarƙashin idon likita.

Sanin sunan ciwon ya canza gidan fiye da ƙwayar. Babban ɗan ya je har ɗakin matarsa ya ba ta haƙuri a gaban Hajiya. Aka daina musu da Baba. In ya ce an sace kuɗinsa, surukar takan ce, "Baba, bari in taya ku dubawa," ta nufi wuraren ɓuyan da yanzu ta haddace. Aka karɓe manyan kuɗi da katin banki, aka bar masa ƙananan takardu a aljihu don kada ya ji an tuɓe shi. Aka daina yi masa jarrabawar "ka gane ni?", mai shigowa shi ke faɗin sunansa. Ana kai shi rumfa da safe ya zauna yana zaɓen goro, aikin da hannunsa bai manta ba, lissafi kuwa na yaran ne. An ɗinka lambar wayar ɗansa a cikin rigunansa, an gaya wa liman da masu shago da masu shayin layin, abin da Hajiya ta fi jin nauyi amma ya fi komai amfani. Salla kuwa, wani jika ke tsayawa gefensa yana binsa. Da suka tambayi malamin unguwa game da raka'o'in da yake rikitawa, ya tuna musu cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kada su takura shi.

Da la'asar sakaliya yakan tashi ya ɗauki sandarsa ya ce zai tafi gida. Rikicewar yamma sananniya ce a wannan cuta. Da farko sukan ce masa, "Baba, nan ne gidanka, Inna ta rasu," sai ya yi kuka kamar yanzu ya ji, gobe a sake. Yanzu 'yar takan ce, "Baba, ba ni labarin gidan Inna," a kunna fitila tun kafin duhu, a kawo shayi, har lokacin ya wuce.

Akwai abu na uku da iyalin suka koya da wuya, wanda ba tsufa ba ne, ba kuma ci gaban cutar ba. Wani mako, cikin kwana biyu, Baba ya birkice gaba ɗaya. Bai gane Hajiya ba, yana ganin mutane a bango, ya kwana yana fizge-fizge, da rana kuma ya yi ta barci ba a iya tashinsa sosai. Wasu suka ce ciwon ne ya kai ƙarshe, a yi haƙuri. 'Yar ta tuna likitar ta ce wannan cuta da watanni take tafiya, duk canjin da ya zo cikin awoyi ko kwanaki wani ciwon ne daban a jiki. Aka kai shi a ranar. Fitsari ne ya tsare saboda kumburin nan da ke damun tsofaffin maza, ga ƙwayoyin cuta sun shiga. Aka sa roba, aka ba da magani, cikin kwanaki ya dawo kusa da yadda yake. Zazzaɓi, ciwon huhu, hawa ko faɗuwar suga, rashin ruwa a jiki, taurin bayan gida, sabon magani, duk suna iya jawo irin wannan ruɗewa ta farat ɗaya, ko ga tsohon da ba shi da cutar mantuwa. Ba a jira da ita zuwa ranar ganin likita.

Maganar da har yanzu ba ta mutu ba ita ce ta mayar da shi Kano. 'Yan'uwansa na can suna cewa tunda gida yake kira, a kawo shi gida. Niyyarsu mai kyau ce, amma gidan da yake kira na shekara 60 baya ne, da mutanen da yawancinsu ba sa raye. In an kai shi, zai rasa ɗakin da ƙafarsa ta san hanyar banɗakinsa cikin duhu, da masallacin, da amininsa, kuma sauya wuri yakan ƙara wa masu wannan cuta rikicewa. A ɗaya gefen, Hajiya ta haura 65, ita ma tana da hawan jini, ba ta samun barci, gidan haya ne mai ɗaki kaɗan, can kuwa akwai fili da hannuwa da yawa, kowa kuma Hausa yake ji. Matsayar da suka cimma ita ce ya zauna Agege muddin yana gane layinsa da mutanensa. An ɗauko wani ɗan ƙanensa daga Kano yana kwana ɗakinsa, 'yar tana zuwa ranakun Asabar da Lahadi don Hajiya ta huta. Sun kuma tara bayanin basussukan rumfa da takardun filinsa tun yana iya cewa e ko a'a a kan wasu. Duk zuwa asibiti suna tafiya da ɗan littafin da surukar ke rubuta abin da ya canza: ko ya fara kasa sa riga da kansa, ko yana ƙwarewa wajen haɗiya, ko fitsari ya fara kufce masa. Da waɗannan za a sake duba maganar Kano.